Abin da za ki faɗa wa kanki da ƙarfe 3 na dare: jagora ga nas mai aikin dare

Wanda bai taɓa kwana a ɗakin yara cikin watan Satumba a Zamfara ba, ba zai gane abin da ake nufi da dare ya yi tsawo ba. Damina ta kai maƙura, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro yana kwaso yara daga ƙauyuka, wasu a kan babur, wasu a bayan uwa. Gado 24 ne a ɗakin da na daɗe ina aiki, amma akwai daren da na ƙirga yara 31, mu kuwa nas biyu ne da mai taimako ɗaya. Daga ƙarfe 9 na dare har 8 na safe, kwana 7 a jere. A irin wannan daren ne na gano cewa maganar da mutum yake yi wa kansa a zuci tana cikin kayan aiki, kamar tocilan da agogon hannu. Ko kin shirya ta ko ba ki shirya ba, bakin zuciyarki ba zai yi shiru ba. In ba ki ba shi abin faɗa ba, zai nemo nasa: "Na gaji," "Ba wanda ya san wahalata," "Waɗannan mutanen ba sa ji." Da ƙarfe 3 kuwa duk abin da zuciya ta faɗa sai ki ɗauka gaskiya ne.

Zan yi magana da "ke" domin mata sun fi yawa a cikinmu. 'Yan'uwana maza masu wannan aiki sai su mayar da ita "kai".

Da farko, ki raba kirari da tunatarwa

Yawancin kalaman ƙarfafa zuciya da ake turawa ta waya kirari ne. "Ni jaruma ce." "Ba na gajiya." "Kullum ina cikin natsuwa." Kirari yana da wurinsa. Ɗan dambe yana buƙatarsa kafin ya shiga fage, domin karon nasa na 'yan mintoci ne, ga makaɗi, ga 'yan kallo. Ke kuwa awa 11 ne a gabanki, ba ganga, ba mai tafi. In kika ce wa kanki "ba na gajiya" alhali ƙafafunki sun kumbura cikin takalmi, zuciyarki za ta ƙaryata ki nan take, kuma ƙaryatawar ta fi maganar ƙarfi.

An ma gwada wannan. A 2009 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Joanne Wood, a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ita da abokan aikinta sun sa mutane su riƙa maimaita jimlar da ke nufin "ni abin so ne". Waɗanda dama suna ganin ƙimar kansu sun ɗan ƙara jin daɗi. Waɗanda suke raina kansu kuwa, wato su da aka fi zaton za su amfana, sai ransu ya ƙara ɓaci. Dalilin a fili yake: maganar ta yi nisa da abin da suka yarda da shi, sai ta tuna musu da giɓin.

Saboda haka ma'aunin farko shi ne wannan. Ki faɗi jimlar a ranki, ki saurara. In kika ji wata murya ta ce "ƙarya kike," ki jefar da jimlar ko ki rage mata tsayi har muryar ta yi shiru. "Ba na gajiya" ta koma "Na gaji, amma hannuna ya san aikinsa." "Zan ceci kowa" ta koma "Zan duba kowa a kan lokaci." Ta biyun a kowane hali tana ɗauke da abin da za ki iya rantsuwa a kai.

Mataki na biyu: ki nemo wurin da dare yake kayar da ke

Kada ki rubuta komai tukuna. Ki ɗauki dare 2 ko 3 kina lura kawai. A bayan takardar da kike rubuta bayanin miƙa aiki, duk lokacin da kika ji ranki ya ɓaci, ko kika ɗaga murya, ko kika ji kamar ki ajiye komai ki fita, ki rubuta lokaci da kalma ɗaya. Misali: 11:40, masu jinya. 2:15, jijiya. 4:00, barci. 7:30, Matiron.

Za ki yi mamakin yadda abin yake maimaita kansa. Kowa da inda takalmi yake matsa masa. Wata abokiyar aikina ba ruwanta da hayaniyar masu jinya, amma in ta nemi jijiyar yaro sau biyu ta rasa, shi ke nan darenta ya lalace. Ni kuwa jijiya ba ta taɓa tayar mini da hankali ba. Abin da yake karya ni shi ne tambaya ɗaya da aka yi mini sau biyar.

Akwai wuri ɗaya da kusan kowa yake tarayya a kansa, tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba. A lokacin ne zafin jiki yake sauka ƙasa fiye da kowane lokaci a yini, sinadarin da ke jawo barci yana da yawa a jini, hankali yana jinkiri, ƙaramin abu yana girma. Shi ya sa kike neman rigar sanyi ko da a Afrilu ne. Ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba, agogon jiki ne. Sanin wannan kaɗai ya isa ya zama jimla: "Ƙarfe 4 ne yake magana, ba ni ba." Na fi shekara goma ina amfani da ita, kuma ita ta hana ni rubuta takardar ajiye aiki fiye da sau ɗaya. Duk hukuncin da zuciya ta yanke a kan aurenki, ko aikinki, ko abokiyar aikinki a wannan lokacin, ki ɗage shi sai bayan kin yi barci.

Mataki na uku: ƙera jimlar

Wuri 3 ko 4 kika gano, to jimla 3 ko 4 za ki yi, ba 20 ba. Kowace kada ta wuce abin da za ki iya faɗa cikin fitar numfashi ɗaya, wato kalma 5 zuwa 8. Ki yi ta da Hausar da kike yi wa ƙanwarki magana, ba Hausar wa'azi ko ta rediyo ba. In a gidanku "mi" ake cewa ba "me" ba, ki bar ta a haka.

Abu biyu suke ƙara mata ƙarfi. Na farko, ki kira sunanki, ki yi wa kanki magana kamar wata ce daban. Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa mutanen da suka yi wa kansu magana da sunansu, ko da "kai" da "ke", kafin wani abu mai tayar da hankali sun fi natsuwa a kan waɗanda suka yi ta "ni, ni". Mu dama mun san haka tun a gida. Tsohuwa in abu ya dame ta sai ka ji ta ce, "Ke wance, yi haƙuri, duniya ce." Sunan yana ɗan janye ki daga cikin wutar, ki ga kanki kamar yadda za ki ga ɗalibar da aka turo miki.

Na biyu, jimlar ta ƙare da aiki. "Ki natsu" ba ta gaya wa hannu komai. "Wance, gado ɗaya, sannan na gaba" ta gaya wa ƙafa inda za ta nufa. "Sassauta murya, ɗanta ne" ta gaya wa maƙogwaro abin da zai yi.

Ga mai addini, kuma yawancinmu haka muke, akwai taska a shirye. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara tana cewa Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ayatul Kursiyyi tana cewa gyangyaɗi ba ya kama Shi, balle barci. Wata abokiyar aikina Kirista 'yar Zuru takan karanta Zabura ta 121, inda aka ce Mai tsaron ba ya gyangyaɗi, ba ya barci, mukan yi dariya mu ce ashe wuri ɗaya muka jingina. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne: akwai Wanda ba Ya barci, kuma ba ni ba ce. Wannan yana sauke wani nauyi da ba nawa ba. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya. Zikiri ibada ne, yana da ladubbansa, ba a ambaton Allah a makewayi, ga mu kuma rabin darenmu a wurin zubar da bahaya da fitsari yake. Shi ya sa nake son kowace nas ta riƙe iri biyu: addu'a a inda ta dace, da jimlar Hausa zalla wadda za ta iya faɗa ko'ina.

Mataki na huɗu: ki ɗaure ta a jikin abin da dama kike yi

Nan ne yawanci ake faɗuwa. A rubuta kalamai masu daɗi a manna a bangon ɗakin nas, bayan kwana 3 ido ya daina ganinsu. Lokacin da kike buƙatar jimlar shi ne daidai lokacin da ba za ki tuna da ita ba. Maganin shi ne kada ki dogara da tunawa. Masanin nan Bajamushe Peter Gollwitzer ya yi bayani a 1999 cewa niyyar da aka ƙulla da sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake. To mu muna da "in kaza" da yawa a dare.

Mafi kyawunsu tsabtace hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce goge hannu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta yana ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da sabulu kuma 40 zuwa 60. Wannan lokacin naki ne, ba mai iya cewa kina ɓata shi. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, jimlar tana tafiya tare da fitarsa. Sau 3 ya zama daƙiƙa 30 cif. Tsawaita fitar numfashi yana rage gudun bugun zuciya, don haka jiki yana karɓar saƙon kafin ma hankali ya gama jin maganar. Riba biyu ke nan, domin hannun ma ya samu cikakken lokacinsa, abin da da ƙarfe 4 ba kullum yake samu ba.

Sauran wuraren ɗauri: bakin ƙofar ɗaki in za ki shiga, sa safar hannu, buɗe folda, kiran sallar asuba. Jimla ɗaya, wuri ɗaya. Ki rubuta su a ɗan kati da zai shiga aljihun rigar aiki, a makon farko ki riƙa dubawa, daga baya hannu da baki za su haɗa kai da kansu.

Dare ɗaya daga farkonsa

Bari in bi da ke ta wani dare na wata ƙanwata a aiki, wadda ta fito daga makarantar koyon jinya bai fi shekara ba. Lurar da ta yi ta nuna mata wuri huɗu, muka zauna muka ƙera jimla huɗu.

Ƙarfe 9 saura, tana bakin ƙofa. Ɗakin ya cika, har da tabarma a tsakanin gadaje. Da can a nan take fara karaya, ta ƙirga kawuna ta ce ba za ta iya ba. Yanzu tana taka dokin ƙofa sai ta ce, "Wance, ba duka lokaci ɗaya ba. Wa ya fi tsanani?" Jimlar ta ƙare da tambaya, tambayar kuma ita ce ainihin aikin: a lokacin karɓar aiki ta sa alama a kan yara 4 da za a fi sa wa ido, mai jijjiga, biyu da ake ƙara wa jini, da mai numfashi sama-sama.

Wajen 11:30 wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin yaran da ake ƙara wa jini, ta zo karo na huɗu. "Sista, wanga jini ba ya tahiya. Ɗiyata, ki zo ki gani." Jinin yana tafiya, a hankali aka saita shi da gangan, an kuma yi mata bayani sau uku. Nan ne inda da can murya take tashi. Ta nufi robar goge hannu, wanda dama dole ne kafin ta taɓa yaron, ta yi numfashinta uku: "Tsoro ne yake tambaya, ba raini ba." Sannan ta je, ta duba, ta kama hannun tsohuwar ta nuna mata ɗigon. "Inna, kin ga shi? In ya yi gudu zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ki riƙa kallon nan. In ya tsaya cak, ko kika ga jikinsa ya yi zafi ko yana rawar sanyi, ki kira ni da ƙarfi." Tsohuwar ba ta sake zuwa ba sai da jinin ya kusa ƙarewa. An ba ta aiki, ta zama mai gadi maimakon mai roƙo. Ki lura, jimlar ba ta sa ƙanwar tawa ta ji wani tausayi ya lulluɓe ta ba. Daƙiƙa 30 kawai ta saya mata tsakanin jin haushi da buɗe baki, kuma iyakar abin da ake nema ke nan.

Ƙarfe 2 aka kawo yaro daga ɗakin gaggawa, kilo 12, zazzaɓi mai tsanani, likita ya rubuta allurar atesunet. A nan na hana ta kowace irin jimla, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau. Lokacin lissafin magani baki ba shi da wani aiki sai faɗin lamba. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, 12 sau 3 ya zama 36. Kwalbar miligiram 60 in an narka ta da mililita 1 na ruwan da ke zuwa tare da ita, aka ƙara mililita 5 na ruwan gishiri domin bayarwa ta jijiya, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10, don haka mililita 3.6 za a zuƙa. Ta faɗa da ƙarfi, abokiyar aikinta ta sake lissafawa da kanta, suka dace, sannan ta rubuta lokacin allura ta gaba bayan awa 12. "Na san aikina" a wannan wurin guba ce, domin ita ce take sa a tsallake dubawa ta biyu. In har akwai jimlar da ta dace da teburin magani, to ita ce "Karanta kwalba, sake karantawa."

Jijiyar yaron ta ɓuya, jiki ya bushe. Ta gwada sau biyu ta rasa. Jimlarta ta nan ita ce wadda ta fi wahalar karɓa: "Sau biyu, sai a kira wani. Ba kunya ba ce." Ta kira, aka samu a ƙafa.

Ƙarfe 4 da 'yan mintoci yarinyar da ke numfashi sama-sama ta cika. An yi duk abin da ake da shi. Uwar ba ta yi kururuwa ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuskar 'yar, ta ce, "Sista, sannunku da wahala." Wannan sannun ta fi zagi ciwo, duk wadda ta yi aikin nan ta sani. A nan ba a neman jimlar da za ta goge baƙin ciki, kuma kada ki yarda da wadda za ta ce miki "ba komai". Da komai. Bayan innalillahi da gaisuwa ga uwar da rubuta lokaci, ƙanwar tawa ta tsaya a wurin wanke hannu ta yi cikakken minti ɗaya da sabulu: "Na yi abin da ke hannuna. Rai na Allah ne. Saura 30 suna jira." Kashi uku ne, kowanne da aikinsa. Na farko yana tare zargin kai, na biyu yana mayar da abin ga Mai shi, na uku yana juya ƙafa zuwa ɗaki. Amma na farkon sai in gaskiya ne. In a ranki kin san akwai awon da aka tsallake ko kiran da aka jinkirta, kada ki binne shi da magana mai daɗi. Jimlar wannan halin daban ce: "Zan faɗa da safe, domin kada a sake." Ki kuma faɗa ɗin.

Inda magana ba ta da amfani

Wasu masu bincike a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, ƙwazonsa yana raguwa kamar na wanda giya ta kai masa matakin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi. Yi lissafi da rayuwarmu. Kin tashi sallar asuba 5:30, kin yi abin kari, kin shirya 'yan makaranta, kin je gaisuwar mutuwa, kin dafa tuwon dare, ba ki runtsa ba. Ƙarfe 10:30 na dare kin cika awa 17, aikin kuwa yanzu ya fara. Babu jimlar da za ta gyara wannan. Barcin awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan azahar a ranar da za ki fara aikin dare ya fi duk abin da na rubuta a sama.

Ki san alamomin da ke cewa an wuce gonar magana: kin karanta layi ɗaya a folda sau uku bai shiga ba, rubutunki ya gangara ƙasa da layi, kanki ya yi sallama ba ki sani ba, ko kin tsaya kina tambayar kanki ko kin ba gado na 6 maganinsa. In ɗaya ya faru, maganar da za ki yi ba ta zuci ba ce, ta baki ce, ga abokiyar aikinki: "Riƙe mini ɗaki minti 20." Ki kwanta in tsarin wurinku ya yarda, kada ki wuce minti 20 domin barcin da ya yi nisa yana tashi da nauyin kai, ki wanke fuska, ki tsaya a wuri mai haske kafin ki taɓa magani. Shayi, kofi ko goro a farkon dare suke da amfani. Sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin ƙarfe 5 na asuba shi ne zai hana ki barcin ƙarfe 9.

Haka nan kada kalaman nan su zama abin rufe baki. Nas biyu a kan yara 31 matsala ce ta tsari, a rubuce ake kai ta gaba, a littafin rahoto da wurin taro da ta hannun ƙungiya. Na taɓa aiki ƙarƙashin wata shugaba da duk ƙorafin da aka kai mata sai ta ce aikin lada ne, a yi haƙuri. Lada gaskiya ne, amma ba ya sa ƙarin ruwa.

Akwai kuma gajiyar da ta wuce ta jiki. A jihar nan da yawanmu mun karɓi waɗanda aka harba, mun ga abin da ba ya faɗuwa. In kin wayi gari yaro ya mutu ba ki ji komai ba ko kaɗan, ko abin da kika gani yana dawo miki a mafarki, ko gabanki yana faɗuwa tun la'asar duk ranar aiki, ko ranki ya yi baƙi fiye da mako 2 har abinci da barci sun gagara, to ki ga likita. Mu da muke tura mutane asibitin ƙwaƙwalwa na Kware mun fi kowa sanin cewa ciwo ne mai magani. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa wa wani, ba gobe ba.

Fita da kwanciya

Jimla ta ƙarshe ta bakin ƙofa ce, bayan kin miƙa aiki. Da yawanmu jiki ne kawai yake komawa gida, zuciya tana can gado na 9. Ki yi miƙa aikin da kyau, a rubuce, har abin da kike shakka a kai, domin abin da ba a faɗa ba shi ne yake bin mutum gida. Sannan kina cire rigar aiki ki ce, "Na miƙa. Yanzu na wasu ne."

A gida wata gwagwarmayar ce. Rana ta fito, maƙwabciya ta aiko aron turmi, ana suna a layin baya, ga mai cewa wace irin mace ce take barci da hantsi. Jimlar nan biyu ce, ɗaya taki, ɗaya tasu. Taki: "Barcina haƙƙin majinyatan daren yau ne." Tasu kuwa ki faɗa wa maigida da yara tun kafin makon ya fara, da lokaci a ciki: daga 9 zuwa azahar ba a tashe ni sai in wuta ta kama. Ki rufe taga da zane mai kauri, waya ta yi shiru.

In kin kwanta, ga abin da na fi so. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana Faɗima ta koka da yadda dutsen niƙa ya ci mata hannu, ta nemi mai taimako. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya mata ita da Sayyidina Ali cewa in sun zo kwanciya su yi Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. Mace ce da aiki ya gajiyar aka ba wannan. Ni a gaɓoɓin yatsu nake ƙirgawa, a hankali, ɗaya a kowace fitar numfashi, kuma sau da yawa ban san inda na tsaya ba.

Ranar da kika gama kwana 7, kafin ki wanke rigar, ki ciro katin daga aljihu. Jimlar da ba ki faɗa ko sau ɗaya ba, ki soke ta, ko dai wurin ɗaurinta bai yi ba ko ba taki ba ce. Wadda ta fara fita ba tare da kin ji ta ba, kamar karatun haddar da aka yi wa gudu, ki sauya mata kalma ɗaya ko biyu. Na ƙanwar tawa da na gani bayan wata 3, ta soke ta bakin ƙofa domin ta ce ƙafarta ta riga ta koya, ta bar ta jijiya yadda take, a ƙasa kuma ta ƙara wata da jan biro wadda ba ni na ba ta ba: "Sha ruwa, ke ma mutum ce."